Dala Tamanin

Asusun manoman tattasai na Diffa ɗaki uku ne da rumfa a bayan kasuwa, kuma da wuya baƙo ya shiga ya fito bai yi atishawa ba, domin yajin busasshen tattasai ya kama har labulen ƙofa. A ɗaki na uku, inda a dā ake jibge buhuna, aka ajiye Nadiya da kwamfutarta da wata fanka mai kuka. Aikin da aka ɗauke ta dominsa guda ɗaya ne. Ta gyara hanyar da masu ajiya ke bi a ƙananan wayoyinsu su ga abin da ya rage musu a asusu, ba sai sun biya kuɗin mota daga Mainé ko bakin Komadugu sun zo sun yi layi a rana ba.

Hanyar kam akwai ta tun tuni, wani kamfani ne daga Yamai ya shimfiɗa ta ya tafi abinsa. Mutum zai danna tauraro, da lambobi uku, da alamar nan mai kama da gidan dara, ya aika kamar zai yi kira. Sai rubutu ya fito da Faransanci yana tambayarsa abin da yake so. Ya danna ɗaya, a nemi lambarsa ta sirri, ya sa, sannan kuɗinsa su bayyana. Ba ta buƙatar intanet, ko wayar da aka ɗaure da roba tana iya yi. Matsalarta dai, cikin mutum goma da ke ajiya a asusun, da ƙyar a samu biyu da ke jin Faransancin da take yi musu.

Malam Magagi, daraktan asusun, mutum ne mai son komai ya fito da kwarjini. Ranar da Nadiya ta kama aiki ya zo mata da buri cike da baki.

«Ki sa musu sallama tukuna,» in ji shi. «Sannan cikakken sunan asusu. Sannan a yi musu barka da zuwa, a tuna musu ranar taron shekara.»

«Darakta, allon ba ya ɗaukar wannan duka,» in ji Nadiya. «Harafi ɗari da sittin nake tsayawa, in na wuce wasu wayoyin su datse ƙarshen. Kuma layin ba ya jira. In mutum ya tsaya yana haɗa baƙi bai amsa ba, rezon waya ya yanke, sai ya sake daga farko, mu kuma mu sake biyan kamfanin waya.»

«To, ko sallamar kaɗai?»

«Sai dai in cire musu kuɗin in bar sallamar.»

Ya yi dariya ya ƙyale ta, amma bai tafi ba sai da ya nuna mata inda ta rubuta «kudi» babu lanƙwasa, yana cewa ina ilimin da aka ce ta yo a Damagaram. Ta bayyana masa cewa baƙaƙen nan masu ƙugiya ba sa cikin haruffan da layin ya saba da su. Ƙugiya ɗaya tak in ta shiga, wurin rubutun ya ragu da fiye da rabi, wasu wayoyin kuma su nuna ɗan akwati a madadin harafin. Magagi ya girgiza kai ya ce duniya ta zo ƙarshe, tunda har kuɗi sun rasa ƙugiyarsu.

Nadiya ba ta yarda da zane a kan takarda ba sai ta ga yatsun mutane. Don haka ta riƙa zama a rumfar asusun ranar kasuwa, wani lokaci kuma ta bi motar asusun zuwa ƙauyukan bakin kogi, inda ruwan Komadugu ya cika har ya taɓa gindin kunyoyin tattasai. Takan ce wa mutum ya duba ajiyarsa yadda ya saba, ita ta yi shiru tana kallo. Abin da ta gani ya rage mata girman kai ƙwarai. Kusan babu mai karanta allon. Mutane sun haddace hanyar da yatsa ne: wannan, wannan, jira kaɗan, wannan. In allon ƙarshe ya fito, sai a miƙa wa na kusa da sauri kafin ya ɓace, shi kuma ya karanta sifili-sifilin nan ya tsaya yana juya su zuwa jika da dala, domin ba wanda ke cinikin tattasai da faran. Jika faran dubu ce, dala faran biyar, haka ake lissafi tun kaka da kakanni.

A rumfar nan ta fara ganin Kubura. Doguwar mace ce, 'yar Baroua, tana zaune yanzu a zangon 'yan gudun hijira da ke bayan gari, tana sayar da bandar kifi a bakin kasuwa. Da Nadiya ta roƙe ta ta gwada, kafin ta gyara zama har matar ta gama. Ta kalli allon, kallo ɗaya, ta mayar da wayar cikin haɓar zane.

«Ya Kubura, ke kam kin fi ni sauri. Kina karantawa?»

«A'a, Malama. Lamba dai na sani, ta kiran mutane. Ta ajiyar kuwa huɗu, takwas, biyar, ƙwai biyu.»

«Kullum kike dubawa?»

«Kullum,» in ji ta, da Hausarta mai gardin Barebari. Ta ɗauki farantin kifinta ta yi sallama.

Kashim, mai karɓar kuɗi a taga, shi ya ba Nadiya sauran labarin bayan an tashi. Ajiyar ba ta Kubura ba ce ita kaɗai, ta mijinta ce, Kyari, an dai rubuta sunanta a matsayin ta biyu. Da aka kore su daga gonarsu ta Baroua, Kyari ya jure zaman banza iya jurewa, daga baya ya bi masunta zuwa tafki neman abin da zai riƙe gida. Ya bar mata wayar da lambar sirri, ya tafi da katin asusu a aljihu, wanda da shi zai iya ɗaukar kuɗi a kowace tagar asusun, ko Bosso ko N'Guigmi. Damina biyu ke nan ba shi ba labarinsa. Ba a ga gawa ba, ba a ga wanda ya gan shi ba.

«Da fari nan take zuwa tana tambayata ko ya ɗauki wani abu,» in ji Kashim. «Har ta ji kunya ta daina. Yanzu portabul take tambaya, wayar da ya bar mata. Ko sisi ba ta taɓa ɗauka ba, wai kada ta ɓata lissafi. Tana cewa ranar da lambar kuɗin nan ta motsa, to, baban 'yarta Rumaisa yana da rai.»

Nadiya ta koma ɗakinta. Tausayin matar ya kama ta sosai, kuma tun daga ranar duk abin da za ta taɓa a cikin aikin sai ta tuna da yatsun Kubura. Ta yanke cewa ba za ta motsa maɓalli ko ɗaya daga inda yake ba. Ɗaya zai ci gaba da zama duba ajiya, lambar sirri za ta zo a inda take zuwa. Har tambayar «wane harshe kake so» ta ƙi sa wa a gaba, don kada ta ƙara wa yatsu wani mataki, sai ta bi harshen da aka rubuta wa kowa ranar da ya buɗe ajiya. Masu Faransanci ta bar musu abinsu, sauran duka ta ba su Hausa, tunda ita ce harshen kasuwa.

Allon ƙarshe ne ta zuba wa basirarta. Me ya sa za a bar tsoho yana ƙirga sifili yana raba su biyar-biyar a ka, alhali na'ura za ta yi masa kafin ƙiftawar ido? Ta sa lissafin ya fito yadda baki ke faɗarsa a kasuwa, jika kaza, dala kaza. Ta fara buɗe shi ga lambobin gwaji kaɗan: ma'aikatan asusu, da wasu dillalan tattasai, da malamin makarantar da ke karanta wa mutanen unguwarsu saƙo. Kowa ya yaba. Wani dillali har ya ce yau waya ta koyi magana irin ta mutane. Abin da bai faɗo mata a rai ba shi ne, duk waɗanda ta gwada da su masu iya haɗa baƙi ne, ko yaya.

Aka buɗe wa kowa. Aka sanar a rediyon gari cewa wayar asusu ta koma Hausa, kuma hanyar dannawa tana nan yadda take. Magagi ya riƙa shigo da baƙi ɗakin buhuna yana nuna Nadiya kamar shi ya haife ta. Ita ma, a gaskiya, ta ji daɗin kanta, har takan danna lambar a wayarta ba don komai ba sai don ta ga aikinta ya fito.

Ana cikin haka, wata safiya Kashim ya leƙo ɗakin, fuskarsa ba yadda ta saba ba. A bayansa akwai wani mutum siriri mai warin hayaƙin banda, yana murza hularsa a hannu.

«Wannan Ari ne, ƙanen Kyari,» in ji Kashim. «Ki ji abin da ya zo da shi.»

Mutumin ya gaishe ta da fara'a, bakinsa har kunne.

«Madam, alheri ne. Yayana ya ɗauki kuɗi. So muke a duba mana a wane gishe, wato wace taga, ya ɗauka, ko Bosso ko N'Guigmi, in shiga mota in bi sawu.»

«Wa ya ce ya ɗauka?»

«Portabul mana. Matarsa ta gani, ta kira ni na gani da idona. Kullum huɗu, takwas, biyar, sifili biyu. Yanzu huɗu, takwas, ɗaya, sifili biyu. Faran ɗari huɗu sun fita, dala tamanin ke nan. Kuɗin shayi da burodi. Haka yake, wallahi, ba ya ɗaukar abin da ya fi cikinsa.»

Nadiya ba ta buƙaci ta buɗe komai ba, amma ta buɗe, don hannunta ya samu abin yi. Ajiyar tana nan yadda take, faran dubu arba'in da takwas da ɗari biyar, ba abin da ya shiga ba abin da ya fita. A tsohon allo lambar na fitowa a dunƙule, 48500. A nata allon kuwa, wanda ake ta yabo, an rubuta: jika 48 dala 100. Wanda ya iya karatu zai ga kuɗi ɗaya ne aka sauya wa riga. Wanda lamba kaɗai ya sani, idonsa zai tsallake rubutun kamar yadda ya saba tsallake Faransancin, ya ga biyar ta koma ɗaya.

Nan take ta gane abin da ta yi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ta tsare kowane maɓalli saboda matar nan, sai ga shi ta je ta taɓa abu ɗaya tilo da matar ke kallo.

Ta yi wa Ari bayani a hankali, ta ɗauko takarda ta rubuta lambobin biyu ta nuna masa cewa dala ɗari ita ce faran ɗari biyar. Ɗan kasuwa ne, bai ɗauki lokaci ba ya gane. Fara'ar ta zube daga fuskarsa, ya nemi buhu ya zauna a kai.

«Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,» in ji shi. Ya ɗago ya dubi Nadiya. «Madam, tun shekaranjiya gidan nan ba a yi barcin baƙin ciki ba. Inna da ta daina cin abinci, jiya har ƙari ta nema. Ni bakina ba zai iya ba.»

«Ki mayar da shi yadda yake kawai,» in ji Kashim da ƙaramar murya. «Gobe ta duba ta ga tsohuwar lamba, a hankali ta gane da kanta.»

Nadiya ta so hakan, har hannunta ya kai kan kwamfutar. Aikin minti kaɗan ne, kuma ba wanda zai ga fuskarta. Sai ta tsaya ta yi tunanin abin da Kubura za ta gani da safe: ɗaya ta koma biyar. Me za ta ce? Za ta ce ya ɗauka ya mayar, ya samu aiki ke nan, yana nan kusa da wata taga yana yi mata magana da kuɗi. Duk motsin da lambar nan ta yi daga yau, saƙo ne daga Kyari. In ta bari ƙarya ce, in ta mayar a ɓoye ƙarya biyu ce. Saƙon rubutu kuma ba shi da amfani, wani za a kai wa ya karanta a gaban jama'a.

«Ni zan je,» in ji ta. «Ni na rubuta.»

Kafin su fita ta yi gyaran. Allon ƙarshe ya koma yadda ido ya san shi, lamba a dunƙule da F a bayanta, ba wata lamba kusa da ita. A ƙasa ta sa layi ɗaya, wanda yake son ji da jika ya danna ɗaya, ya shiga allo na gaba. Ba ta sake shi ga kowa ba tukuna, domin Allah kaɗai ya san mutum nawa ne a bakin kogi suka ga kuɗinsu sun ragu suka yi shiru suna zargin asusu. Wannan sai an faɗa a rediyo da Hausa da Barbarci, an kuma gaya wa masu taga. Ta shirya shi dai ga lambar Kubura kaɗai, ta nuna wa Kashim inda zai danna in ta kira shi.

Suka ɗauki tasi har inda kwalta ta ƙare, suka ƙarasa da ƙafa. Zangon ya daɗe har ya fara zama unguwa, wasu sun ja katangar laka, wasu har yanzu zana da leda. La'asar ta yi sanyi, awaki na dawowa, hayaƙin girki na tashi ko'ina. Ari ya nuna mata ƙofar, shi kuma ya ce zai tsaya wajen masallaci. Ba ta ga laifinsa ba.

Ta yi sallama. An share tsakar gidan tas, an yayyafa ruwa, ƙamshin turaren wuta na fitowa daga ɗaki. Kubura ta fito da sabon zane, da ta ga ko wace ce sai ta buɗe hannu.

«Wushe, wushe! Malamar biron asusu da kanta! Ari ya same ku ke nan. Zauna, zauna. A ina ne? Bosso?»

«Ya Kubura, bari mu gaisa tukuna.»

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta yara. Kubura ta kawo ruwa, ta kawo shinkafa da miyar kifi a kwano, ta ce ta sadaka ce, tun jiya ake rabawa. Daga cikin ɗaki Nadiya na jin muryar tsohuwa tana jan carbi tana yi wa wani addu'a da suna. Ta sha ruwan, abincin kuwa ta kasa kai hannu.

«Ya Kubura,» in ji ta, ta rage murya don kada ta kai ɗaki. «Na zo da magana mai nauyi, kuma laifin nawa ne. Ba a taɓa kuɗin nan ba. Ba wanda ya ɗauki komai, ko a Bosso ko a ko'ina.»

Kubura ta yi murmushi irin na wanda ya san abin da ya gani.

«Malama, da idona na gani. Biyar ta tafi, ɗaya ta zo.»

«Ni na sauya ta. Kin ji a rediyo an ce waya ta koma Hausa? Ni na yi aikin. Na ce bari in rubuta kuɗin yadda muke faɗa a kasuwa. In za ki ba ni canjin faran ɗari biyar, nawa za ki ce?»

«Dala ɗari.»

«To, ita ce ɗaya da ƙwai biyun da kika gani. Jika arba'in da takwas da dala ɗari. Kuɗin da ya bari ne, ba su ragu ba.»

Kubura ta sunkuyar da kai. Leɓɓanta na motsi, tana lissafin da kanta, ita da ke ba da canji tun safe har yamma. Nadiya ta ga lokacin da lissafin ya fita daidai, domin kafaɗun matar sun sauka. Da ta yi kuka ko ta yi zagi, da Nadiya ta fi samun sauƙi. Sai kawai ta kai hannu ta gyara murfin kwanon da bai karkace ba.

«Ashe ke ce,» in ji ta.

«Ni ce. Ki yafe mini. Na san kina dubawa, na san dalili, kuma duk da haka ban yi tunani ba.»

«Kin sani?»

«Na sani.»

Kubura ta jinjina kai. Wata akuya ta leƙo ta ƙofa, ta kore ta da hannu ba tare da ta kalle ta ba.

«Mayar mini da ita yadda take,» in ji ta.

Nadiya ta kira Kashim ta ce ya danna. Da ya amsa cewa ya yi, Kubura ta kwance haɓar zaninta ta ciro wayar. Yau yatsun ba su yi sauri ba. Ta danna tauraro da lambobin da gidan dara, ta jira, ta danna ɗaya, ta sa lambar sirri tana kare allon da tafin hannu yadda aka koya mata. Lambar ta fito. Ta zuba mata ido, ba ta danna komai ba, har layin ya gaji da jira ya yanke, allon ya koma nuna agogo.

«Ita ce,» in ji ta. Sai can ta ɗago. «Malama, in ta sake motsawa, yaya zan san ko ke ce ko shi ne?»

«Ba zan sake taɓa ta ba. Zan rubuta a biro, can ofishinmu, duk wanda ya zo bayana ya sani, a sauya rubutu in ana so, amma lambar nan ba a taɓa siffarta. In ta motsa, kuɗi ne suka motsa.»

«To,» in ji Kubura. «Allah ya sa.»

Daga ɗaki tsohuwar ta ɗaga murya da Barbarci, tana tambaya ko baƙuwar ta kawo sunan garin. Kubura ta amsa mata cewa tana zuwa. Nadiya ta yunƙura za ta tashi, ta ce bari ta shiga ta faɗa da bakinta, tunda ita ta jawo.

«A'a,» in ji Kubura. «Uwarsa ce. Ba a bakin baƙo za ta ji ba. Ki ci abincin, sadaka ce, ba ta lalace ba.»

Ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai a lokacin Nadiya ta lura da hannayenta. An yi musu lalle sabo, baƙi wuluk har wuyan hannu, ƙafafun ma haka, irin wanda mace ke yi in maigida na hanya. Kubura ta bi idonta, ta juya tafin hannun tana kallo kamar na wata.

«Maƙwabta ne suka matsa mini jiya,» in ji ta. «Wannan kuma ba ya wankuwa. Sai na yi wata ina miƙa wa mutane kifi da shi, kowa yana tambayata yaushe ya iso.»

Ta goge hannun a zane duk da haka, ta ɗaga labule ta shiga wurin tsohuwar.